Bashin kati ko bashin data: lissafin da ya kamata ka yi kafin ka ranta

Kamfanonin layin waya da yawa suna ba mai layi bashin kuɗin kira idan nasa ya ƙare. Sunan ne kawai ke bambanta: MTN na kiran nasa XtraTime, Airtel na da Extra Credit, Safaricom na da Okoa Jahazi, Vodacom kuma Airtime Advance. Tsarin kusan ɗaya ne. Ka danna lamba ko ka shiga manhajar kamfanin, ka zaɓi adadi daga cikin waɗanda aka jera maka, kuɗin ya shigo nan take, sannan duk lokacin da ka sa kati a cire bashin da kuɗin hidima kafin ka taɓa ko sisi. Ba a tambayarka ko ka shirya biya, domin amincewar da ka danna ranar da ka ranta ita ce izinin cirewar.

Wanda kuɗinsa ya ƙare yana da hanyoyi uku a gabansa: ya ranci kuɗin kira, ya ranci data kai tsaye, ko ya samu kuɗin ta wata hanya ba tare da rance ba. Kafin a gwada su da juna sai an fara gane yadda ake cajin kuɗin hidimar, don nan ne yawancin mutane ke rikicewa. Lambobin da za su biyo baya na misali ne, ba a sa musu sunan kuɗi ba. Ka sauya su da na kamfaninka, lissafin ba zai canza ba.

Hanyoyi biyu na cire kuɗin hidima

A ce kuɗin hidima kashi 15 ne cikin 100, kuma ka zaɓi bashin 500. A tsari na farko ana zare kuɗin hidimar tun a bakin ƙofa: 425 ne zai shigo wayarka, bashin da ke kanka kuma 500 ne. A tsari na biyu ana ba ka 500 cif, amma a rubuta maka bashin 575, sai ranar da ka sa kati a kwashe duka. A kowanne kamfani ya ci 75, kuma a kowanne daga katin gaba ne kuɗin ke fita daga aljihunka. Shi ya sa ake ganin kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Amma ba ɗaya ba ne. A tsari na biyu ka biya 75 a kan 500 da ka yi amfani da shi, kashi 15 ke nan daidai. A tsari na farko ka biya 75 a kan 425 kacal, wanda ya kama kashi 17.6. Idan kuɗin hidimar kashi 10 ne, mai cirewa tun farko yana cin 10 a kan kowane 90, wato kashi 11.1. Bambancin ba shi da yawa a rance ɗaya, sai dai yana da wata illa da ta fi shi ciwo. Idan abin da kake so ka saya 500 ne daidai, 425 ba zai saya ba. Lissafi ya ce sai ka ranci kusan 588 kafin 500 ya shigo hannunka, kuma kamfani ba ya ba da 588, adadin da ya jera kawai yake bayarwa. Idan bayan 500 sai 1,000, to ka ranci 1,000, an ba ka 850, an ci 150, alhali buƙatarka 500 ce. Kuɗin hidimar ya ninka saboda giɓin 75.

Gane tsarin da kamfaninka ke bi ba shi da wuya. Saƙon da ke fitowa kafin ka tabbatar da rancen yakan faɗi abin da za ka karɓa da abin da za ka biya. Idan ka riga ka danna, duba saƙon tes da ya biyo baya, sannan ka duba ragowar kuɗinka. Abin da ya shigo ya gaza abin da ka zaɓa? Tsari na farko ne. Ya shigo cif amma bashin ya haura? Na biyu ne.

Akwai kuma kamfanonin da ba kaso suke ɗauka ba, wani tsayayyen adadi suke ɗorawa a kan kowane rance. Wannan yana sauya dabarar gaba ɗaya. Inda kaso ne, rancen 100 sau biyar da rancen 500 sau ɗaya duk 75 za su ci, don haka ƙaramin rance ya fi, ka ɗauki abin da kake buƙata kawai. Inda tsayayyen adadi ne, a ce 10 a kan kowane rance, bashin 50 ya ci kashi 20, bashin 200 kuma kashi 5, don haka yawan ranta kaɗan-kaɗan shi ne asara.

Wani abin da ya bambanta wannan bashin da sauran shi ne ba ya kallon lokaci. Ko bayan awa ɗaya ka sa kati, ko bayan mako biyu, 75 ɗin nan za a cire. Wanda ya ranta da safe ya sa kati da azahar ya sayi awa huɗu ko biyar ne da 75. A irin wannan yanayi tambayar da ta dace ita ce ko kiran zai iya jira zuwa azahar.

Rancen kuɗin kira

Amfaninsa a fili yake: yana aiki ba data, ba asusun banki, ba mai sayar da kati a kusa, kuma a kowace irin waya, har ƙaramar mai maɓalli. Idan kira ne ko saƙon tes kake buƙata, shi ne rancen da ya dace.

Matsalarsa ita ce kuɗin yana zama a fili, duk abin da ke cin kuɗin waya zai iya cinsa. Babban mai cin shi ne data. Idan ƙunshin datarka ya ƙare kuma ba ka kashe data a waya ba, to da zarar bashin ya shigo, manhajoji za su fara sauke saƙonni da hotuna da sabunta kansu, kuma a layuka da yawa cajin zai tafi a farashin da ba na ƙunshi ba, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. A ce farashin nan 3 ne a kan kowane megabayit. 425 zai ba ka megabayit 141 ne kacal, abin da ɗan gajeren kallon bidiyo zai cinye. Mutum sai ya ga kuɗi ya zube bai kira kowa ba, ya ɗauka an sace masa, alhali wayarsa ce ta sha.

Na biyu su ne ƙananan hidimomin da aka taɓa yi wa rajista aka manta: waƙar jiran kira, saƙon labarai na kullum, wasanni. Waɗannan suna ƙoƙarin cire kuɗinsu lokaci bayan lokaci, kuma idan layi babu kuɗi sukan sake gwadawa. A kamfanonin da suka bar su su ci daga kuɗin rance, da ya shigo sai su ɗauki nasu. Alamar ita ce raguwar da ba ta da alaƙa da kira, a adadi iri ɗaya, sau da yawa tare da saƙon cewa an sabunta maka wani abu.

Ka kuma sani yawanci ba a barin a tura wa wani kuɗin rance. Wanda ke son ya ranta don ya taimaki wani layin sai ya duba sharuɗɗan tukuna.

Rancen data

Idan abin da kake buƙata intanet ne, rancen data kai tsaye kusan kullum ya fi barin kuɗin kira ya ƙone a farashin da ba na ƙunshi ba. A ce ƙunshin gigabayit ɗaya 500 ne, an ranta maka shi, bashi ya zama 575. Kusan kuɗi ɗaya ne da wancan, amma ka samu kusan ninki bakwai na megabayit 141 ɗin can. Ga shi kuma waƙar jiran kira ba ta iya cin data.

Abin dubawa a nan wa'adi ne. Kuɗin kira yakan zauna har ka yi amfani da shi, data kuwa tana da ranar mutuwa, kuma ƙananan ƙunshin da ake rantawa sau da yawa na yini ɗaya ne ko 'yan kwanaki. Idan ka ranci gigabayit ɗaya na awa 24 don ka tura takarda ɗaya mai megabayit 5, ragowar za ta mutu gobe, bashin 575 kuma yana nan daram. A nan ƙunshi mafi ƙanƙanta ne ya dace, ko da farashinsa a kan kowane megabayit ya fi tsada. Akwai ma kamfanonin da a rancen data ba sa ƙara kuɗi, girman datar suke ragewa, don haka ka gwada abin da aka ce za a ba ka da abin da mai saye da kuɗinsa ke samu a wannan farashin.

Akwai hanya ta tsakiya: ka ranci kuɗin kira, sannan ka sayi ƙunshin da kake so da shi. Amfaninta shi ne kana iya zaɓar ƙunshin da ba ya cikin jerin rance, kamar na mako ko na dare. Tana da sharaɗi uku. Sai kamfanin ya yarda a sayi data da kuɗin rance, ba duka ne suka yarda ba. Sai abin da ya shigo bayan cire kuɗin hidima ya kai farashin ƙunshin, ga matsalar 425 da 500 ta dawo. Sannan sai ka kashe data kafin ka ranta, in ba haka ba 'yan daƙiƙun da ke tsakanin shigowar kuɗi da sayen ƙunshi sun isa a ci 6 ko 9, kuɗin ya gaza, sayen ya ƙi.

Ranar da ka sa kati

A nan ne bashin ke nuna halinsa, kuma nan ne ya kamata a fi yin lissafi. A ce bashi 575 ne. Ka sa katin 500: an kwashe shi duka, wayarka ba ko sisi, saura 75 a kanka. Ka sa na 1,000 da niyyar sayen ƙunshin wata na 1,000: an cire 575, saura 425, sayen ya ƙi. Idan ka saita ƙunshin ya riƙa sabunta kansa, sabuntawar ma za ta faɗi saboda kuɗi bai kai ba, kuma inda ake ɗaura ragowar datar tsohon wata a kan sabon idan an sabunta a kan kari, ragowar na iya salwanta. Idan data na kunne, 425 ɗin ma zai fara zuba a farashi mai tsada. Asarar 75 ta jawo asarar ɗaruruwa.

Maganin lissafi ne mai sauƙi: katin da za ka sa ya zama bashi haɗe da abin da kake son saye, a wannan misalin 1,575 ko sama. Ka fara kashe data. Ka duba ainihin bashin ta lambar duba rance ko manhaja, kada ka dogara da abin da ka tuna, domin wasu layukan suna barin a ranta sau biyu ko uku kafin a biya, kuma lambar duba kuɗi ta yau da kullum ba lallai ta nuna bashin ba. Wasu kamfanonin suna nuna shi da alamar ragi a gaban lamba, wasu suna ajiye shi a wani asusu dabam. Bayan ka sa kuɗin, ka jira saƙon da ke cewa an cire bashi, ka duba ragowar, ka sayi ƙunshi, ka ga saƙon tabbaci, sannan ka kunna data.

Cirewar ba ta tambayar daga ina kuɗi ya fito. Idan wani ya saya maka kati daga asusunsa, bashin ne zai fara ci, kuma a layuka da yawa haka ne ko da turo maka ya yi daga layinsa. Don haka idan ka roƙi a sa maka 200 don kira na gaggawa alhali 575 na kanka, ba za ka ga komai ba. Inda kamfani bai ɗauki sayen ƙunshi kai tsaye daga banki a matsayin sa kati ba, gara a saya maka data ko ƙunshin mintuna. Wannan yana jinkirta biya ne kawai, bashin na nan yana jira, kuma wasu kamfanonin sun toshe wannan ƙofar.

Garaɓasa ma abin lura ce. A tsare-tsaren da ake ba da ƙarin kuɗin kira ko data idan an sa kati, wasu kamfanonin ba sa lissafa ɓangaren da ya tafi biyan bashi. Idan tsarinka irin wannan ne, tsadar rancen ta haura 75, don ka ɗora mata garaɓasar da ta wuce ka.

Mai rance sau ɗaya da mai rance kowane mako

Ga wanda ya ranta sau ɗaya a wata uku saboda dare ya yi ko yana kan hanya, 75 ba abin tada hankali ba ne. Inda abin ke zama ciwo shi ne idan rancen ya yi daidai da katin da mutum ya saba sawa. Ɗauki mai sa 500 kowane mako, a tsarin da ake cirewa tun farko. Ya ranci 500, an ba shi 425. Mako ya zagayo, ya sa 500, an kwashe duka, babu abin kira, sai ya sake ranta. Daga nan kowane mako yana biyan 500 yana amfani da 425. A makonni 52 ya fitar da 26,000, daga ciki 3,900 kuɗin hidima ne, kusan katin mako takwas ke nan. Abin takaicin shi ne rance ɗaya tak ya amfana da shi, na farkon nan. Duk sauran yana biya ne don ya karɓi kuɗin da ya riga ya sa da hannunsa. Kuma da yake yana biya a kan kari, kamfani zai riƙa ɗaga masa adadin da zai iya ranta, domin yawanci daɗewar layi da yawan sa kati da yadda ake biya ne ke sa a ɗaga.

Fita daga wannan zagayen hanya biyu ce. Ko ka sa 1,000 sau ɗaya, 500 ya biya bashi, 500 ya zama naka. Ko ka sauko a hankali: wannan makon bayan an kwashe 500, ka ranci 200 maimakon 500, a ba ka 170, ka lallaɓa da shi. Mako mai zuwa katin 500 zai bar maka 300, ka yi maneji da shi ba rance. Mako na uku 500 ɗinka ya dawo cif. Makonni biyu na takura ke nan, kuɗin hidima kuma 30 kacal.

Ka duba kuma ko an kunna maka rance mai shigowa da kansa. Wasu kamfanonin suna da tsarin da ke ranta maka wani adadi da zarar kuɗinka ya sauka ƙasa da wani mataki, kuma mutane kan amince da shi ba da sani ba idan saƙo ya faɗo a fuskar waya ana tsakiyar kira ko kallo. Alamarsa ita ce a cire maka bashin da ba ka tuna ka ci ba. Kafin ka kira kamfani da faɗa, bincika saƙonnin tes ko tarihin layi a manhaja, ranar da adadin kowane rance suna nan. A waya mai layi biyu ma akan ranta a wannan layin a sa kati a wancan, sai a ga kamar ba a biya ba.

Hanyar da ba rance

Idan kana da kuɗi a banki ko a asusun waya, saye kai tsaye ya fi kowane rance, domin 500 yakan shigo 500. Ba lallai sai da data ba: bankuna da yawa suna da lambar dannawa ta sayen kuɗin kira, sai dai a wasu wuraren ana cajin ɗan kuɗi a kan amfani da lambar, wanda za ka gwada da kuɗin hidimar rance. A ƙaramin adadi kamar 50, inda kashi 15 bai wuce 7.5 ba, rancen na iya zuwa daidai ko ma ya fi arha. A babban adadi banki ne ke da nasara. Idan wani ya turo maka daga layinsa, yawanci ɗan kuɗin turawa ne kawai, amma sai idan babu bashi a kanka. Saƙon roƙon a kira ka kuwa, wanda kamfanoni da yawa ke bayarwa kyauta sau 'yan kaɗan a yini, ya wadatar idan wanda kake nema na kusa da kai ne. Lambobin agajin gaggawa da layin kula da masu hulɗa na kamfaninka yawanci ba sa buƙatar kuɗi, kada ka ranta saboda su.

Masu tunanin jefar da layi don tsere wa bashin su yi lissafi. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan kashe shi, daga baya ya ba wani lambar. Idan lambar ce ke haɗe da asusun bankinka da manhajar hirarka, saƙonnin sirri na shiga asusu za su koma hannun wanda ba ka sani ba, duk a kan 575.

A aikace zaɓin yana bin abin da kake son yi. Kira na mintuna kaɗan da ba zai jira ba, kuma ba ka da hanyar saye: ka kashe data, ka ranci mafi ƙanƙantar kuɗin kira da zai isa. Aikin intanet: ka ranci data, ka zaɓi girmanta gwargwadon abin da za ka iya cinyewa kafin wa'adinta ya cika. Adadin kuma kada ya wuce kusan rabin katin da ka saba sawa, domin mai sa 500 da ya ranci 200 zai ga 300 ko 270 bayan an cire, gwargwadon tsarin kamfaninsa, kuma wannan ya isa ya riƙe shi har katin gaba.